Kirfa da Kuromiyom a Kan Metfomin: Shin Sun Cancanci Kuɗinka?

Duk wanda ya taɓa zama a kan bencin asibiti ranar ganin masu ciwon suga ya san cewa kafin a kira sunansa ya riga ya samu likitoci uku ko huɗu a cikin layi. Wannan ya ce garin kirfa yake zubawa a ruwan zafi kullum da asuba, kuma tun da ya fara bai ƙara ganin sugansa ya haura ba. Wancan ya zaro 'yar kwalba daga aljihun gaba, ya ce ɗansa ne ya aiko masa da ita daga waje, kuromiyom sunanta, wai tana gyara insulin. Wata baiwar Allah daga gefe ta ce ita kam ta gaji da metfomin, cikinta yake murɗawa, in dai kirfa za ta yi aikin gara ta koma mata. Waɗannan maganganu ba na jahilci ba ne, domin kowannensu yana da ɗan tushe a binciken masana. Abin da ya rage shi ne a auna tushen, a ga ko zai ɗauki ginin da aka ɗora masa. Ga tambayoyin da aka fi yi, da amsoshinsu.

A taƙaice, in saya ko kada in saya?

Idan kafso ake nufi, ko garin da za a riƙa sha da cokali a matsayin magani, kada ka saya. Ƙungiyar Ciwon Suga ta Amurka, wadda likitoci da yawa a duniya ke bin ƙa'idojin da take fitarwa duk shekara, ba ta ba da shawarar shan kirfa ko kuromiyom domin sauke suga ba, saboda hujjar amfaninsu ba ta tsaya da ƙafarta ba. Idan kuwa kirfar da ake barbaɗawa a shayi ko a jefa a dafa-duka ce, ci abinka, kayan ƙamshi ce kamar citta da kanumfari. Bambancin yana wajen yawa da kuma niyya: wanda ya ɗauke ta magani zai riƙa shan mai yawa kullum, kuma wata rana zai fara ganin kamar metfomin ɗin ne ya zama ƙari.

To daga ina labarin kirfa ya samo asali? Ai an ce bincike ne ya tabbatar.

An yi binciken, kuma shi ne uban duk tallan da ake ji yau. A shekarar 2003 mujallar Diabetes Care ta buga wani gwaji da Alam Khan da abokan aikinsa suka yi a Feshawar ta ƙasar Pakistan. Sun ɗauki mutum 60 masu ciwon suga nau'i na biyu, suka raba su gida shida, kowane gida mutum goma. Gida uku aka ba su kirfa, giram ɗaya ko uku ko shida a rana, sauran ukun aka ba su kafson da babu kirfa a ciki, aka yi kwana 40. Sugan da ake aunawa da safe kafin karin kumallo ya sauka da kashi 18 zuwa 29 cikin ɗari a wurin masu shan kirfa. Wannan ba ƙaramar sauka ba ce, shi ya sa labarin ya zaga duniya cikin ɗan lokaci.

Amma wanda ya saba karanta irin waɗannan rahotanni zai tsaya a wurare uku. Mutum goma a kowane gida sun yi kaɗan, mutum biyu kawai su canza cimarsu sai lissafin ya karkata. Sannan mai shan giram ɗaya da mai shan giram shida kusan sakamako ɗaya suka samu, alhali abin da aka saba gani a magani shi ne, in an ƙara yawa aiki ya ƙaru. Na uku, kuma shi ne babba, ba a auna HbA1c ba. Ga kuma abin da ya shafi tambayarmu kai tsaye: mutanen Feshawar ɗin magungunan dangin gilibenkilamaid suke sha, ba metfomin ba.

Da wasu suka maimaita gwajin, sai labari ya sha bamban. A ƙasar Holan an ba mata masu ciwon suga giram ɗaya da rabi a rana har mako shida, a 2006 aka buga sakamakon, ba a ga canji ba. A jihar Oklahoma ta Amurka an ba da giram ɗaya a rana har wata uku, a 2007, nan ma shiru. Wani gwaji na 2009 mai mutum 109 ya samu saukar HbA1c, sai dai ba a ba ɗaya rukunin kafson gangan ba, kowa ya san abin da yake sha, kuma mutum in ya san ana gwada masa sabon abu yakan ƙara kiyaye bakinsa ko bai yi niyya ba. A 2012 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwaje ta tace su, ta haɗa gwaji goma masu mutum 577, ta ce babu isasshiyar hujjar da za a ce a yi amfani da kirfa wajen ciwon suga. Wani tacewar da aka yi a 2013 ya ga saukar sugan safe da kimanin maki 25, amma HbA1c bai motsa yadda za a dogara da shi ba.

Kana ta maimaita HbA1c. Me ya sa ya fi awon da nake yi da na'urata a gida?

Saboda awon safe hoton daƙiƙa ɗaya ne. Abin da ka ci da daddare, yadda ka yi barci, zazzaɓin da ke shirin kama ka, tafiyar da ka yi jiya zuwa kasuwa, duk suna juya shi. Mutum ɗaya zai iya ganin 140 yau, gobe 165, jibi 150, ba tare da ya canza komai ba. Wanda ya fara shan kirfa ranar da ya ga 165, ya kuma auna ranar da ta faɗo 140, zai rantse kirfa ce ta yi.

HbA1c kuwa yana auna sugan da ya manne wa jajayen ƙwayoyin jini. Waɗannan ƙwayoyi suna yin kusan kwana 120 kafin jiki ya sauya su, don haka awon yana nuna yadda suga ya kasance a cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce, safe da rana da dare. Shi ne kuma aka fi danganta shi da lalacewar ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa. Yawancin manya ana so su kasance ƙasa da 7. Metfomin, in an sha shi yadda ya kamata, yakan sauke wannan awo da maki ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Duk abin da za a ce ya taimaka wa metfomin, a wannan ma'auni ya kamata ya nuna kansa, kuma a nan ne kirfa ke yawan kasawa.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman. Mai sikila, da mai ƙarancin jini sosai, da wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, HbA1c ɗinsu na iya yin ƙarya, domin ƙwayoyin jininsu ba su kai kwanakin da aka gina lissafin a kai. Ko wanda jininsa AS ne, wasu na'urorin ɗakin gwaji sukan ba shi sakamako karkatacce. Irin waɗannan su gaya wa likita, shi zai san ko a dogara da awon yatsa na safe da na bayan cin abinci.

Ko ba ta yi amfani ba, ai kirfa ba ta cutarwa. Abinci ce fa.

Nan ne mutane suka fi yin sake. Kirfa iri biyu ce a kasuwar duniya. Akwai kasiya, wadda ake nomawa a Sin da Indunusiya da Biyetnam, ita ce mai araha, ita ce kuma mafi yawan abin da ke cikin buhunan 'yan koli da ledojin gari. Akwai ta Silon, wato ta Siri Lanka, mai tsada. In sanda ce kana iya rarrabewa da hannu: kasiya ɓawo ɗaya ne mai kauri, ja-ja mai duhu, ya naɗe daga gefe biyu, kuma sai ka sa ƙarfi kafin ya karye. Ta Silon siraran ɓawo ne da yawa aka naɗe a cikin juna kamar takarda, launinta ya fi haske, ka murza ta da yatsa ta ruguje. In an riga an niƙa, ido ba ya rabewa. A jikin kwalba, ta Silon ita ce ake rubuta wa Cinnamomum verum ko Cinnamomum zeylanicum. In an rubuta kirfa kawai ba a faɗi iri ba, ka ɗauka kasiya ce.

Dalilin wannan dogon bayani shi ne wani sinadari mai suna kumarin, wanda kasiya ke ɗauke da shi da yawa, ta Silon kuwa ɗan kaɗan. Kumarin yana iya taɓa hanta a wurin wasu mutane in an daɗe ana shan mai yawa. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta sa iyaka: kashi ɗaya cikin goma na miligiram a kan kowane kilo na nauyin mutum a rana. Mai kilo 60 ke nan iyakarsa miligiram 6. Hukumar auna haɗari ta Jamus ta ƙiyasta cewa giram ɗaya na kasiya yana da kimanin miligiram 3 a matsakaici, don haka giram biyu a rana sun kai mai kilo 60 bakin iyaka. Cokalin shayi ɗaya a shafe ya kai giram biyu da rabi. Wato wanda ke shan cokali guda kullum ya riga ya ɗan gota, mai shan biyu kuwa ya ninka iyakar fiye da sau biyu.

Wuce iyakar na kwana ɗaya ko biyu ba ya nufin hanta ta lalace, kuma a mafi yawan lokuta in an daina sha takan koma daidai. Amma a tuna su wane ne ke shan wannan gari. Masu ciwon suga nau'i na biyu da yawa suna da kitse a hanta ba su sani ba. Wasu suna shan maganin rage kitsen jini, wanda shi ma hanta ce ke sarrafa shi. Ga kuma ciwon hanta nau'in B da ya yi yawa a ƙasashenmu, mutum na ɗauke da shi shekaru ba alama. Alamomin da za su sa a daina nan take a nufi asibiti su ne idanu su yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu kamar shayi, ƙaiƙayin jiki, tashin zuciya da ƙin abinci, ko ciwo a ƙasan haƙarƙarin dama.

Wani zai ce to sai in sayi ta Silon. Ka kauce wa kumarin, gaskiya ne. Sai dai yawancin gwaje-gwajen da suka nuna ɗan amfani da kasiya aka yi su, har da na Feshawar. Ka ga an bar ka da zaɓi tsakanin mai ɗan shaida da haɗari, da marar haɗari wadda shaidarta ta fi ƙaranci.

Sai maganar algus. A 2023 an gano dalma a cikin kirfar da aka zuba a wani abincin yara a Amurka, yara da dama suka samu dalma a jini, kuma a 2024 hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta yi gargaɗi a kan wasu garin kirfa da ke kantuna. In haka ta faru a inda ake sa ido sosai, garin da aka ƙulla a leda ba suna ba adireshi sai a yi hattara. Sayen sanda ka daka da kanka ya fi kwanciyar hankali.

Kuromiyom fa? An ce sinadari ne da jiki ke buƙata.

An daɗe ana faɗin haka. A 1959 wasu masana biyu a Amurka, Klaus Schwarz da Walter Mertz, suka ba da rahoton cewa ɓerayen da ba su iya sarrafa suga sosai sun gyaru da aka ba su kuromiyom. A 1977 kuma aka buga labarin wata mata a Kanada da ta yi shekaru ana ciyar da ita ta jijiya kawai, suganta ya rikice, aka ƙara mata kuromiyom a ruwan ta samu sauƙi. Daga nan aka ɗauka cewa masu ciwon suga ma wataƙila ƙarancinsa ke damun su.

Gwajin da masu talla suka fi so shi ne na 1997 da aka yi a Beijin da mutum 180. Bayan wata huɗu, waɗanda aka ba maikurogiram 1000 a rana HbA1c ɗinsu ya tsaya a 6.6, waɗanda aka ba ƙwayar gangan kuwa 8.5. Tazara ce da ta fi ta magunguna da yawa na gaske. Richard Anderson, wanda ya jagoranci wannan aiki, yana cikin marubutan rahoton kirfa na Feshawar ma, abin da ke nuna yadda manyan labaran biyu suka fito daga da'ira ƙarama. Da likitoci a Holan suka gwada, na farko a kan masu allurar insulin a 2006, na biyu a kan masu shan ƙwayoyi a 2007, kowanne wata shida, ba su ga wani bambanci ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka tun 2005 ta bayyana alaƙar kuromiyom da kariya daga ciwon suga a matsayin abu mai matuƙar shakka. A 2014 hukumar Turai ta ƙara gaba, ta ce ba ta ga gamsasshiyar hujjar cewa jikin mai lafiya yana buƙatarsa dole ba.

Ko a lissafin waɗanda suka yarda ana buƙatarsa, abin da ya ishi namiji a rana maikurogiram 35 ne, mace 25, kuma hatsi da nama da wake da ganye suna kawo wannan ba tare da an nema ba. Kwalaben kanti suna zuwa da 200 zuwa 1000 a ƙwaya ɗaya. An samu rahotannin mutane ƙalilan da ƙodarsu ta taɓu bayan sun sha mai yawa na makonni ko watanni. Rahotanni ne na ɗaiɗaiku, amma mai ciwon suga ƙodarsa ce jarinsa, kuma metfomin ta ƙoda yake fita: in aikinta ya ragu sosai dole a rage shi ko a dakatar. Mai shan maganin maƙoƙo irin lebotairoksin kuma ya sani kuromiyom yana rage yawan abin da hanji ke tsotsa daga maganin in an sha su tare.

A ganina, tsakanin biyun kuromiyom ne ya fi rashin dalili. Kirfa aƙalla tana sa shayi daɗi.

In na haɗa su da metfomin, sugana zai iya faɗuwa ƙasa da kima?

Da metfomin kaɗai, da wuya. Babban aikinsa shi ne hana hanta zubo suga mai yawa cikin jini, ba ya tilasta wa jiki fitar da insulin, shi ya sa ba kasafai yake jefa mutum cikin faɗuwar suga ba. Haɗarin yana wurin wanda aka haɗa wa metfomin da gilibenkilamaid ko gilimefiraid ko allurar insulin, kuma a duba da kyau, domin akwai ƙwayoyin da magani biyu ne a cikin ɗaya. Rawar jiki, gumi mai sanyi, yunwa kwatsam, bugun zuciya, ruɗewa, ko na'ura ta nuna ƙasa da 70 mg/dL, alamu ne na faɗuwa. Sai a sha sukari cokalin shayi uku zuwa huɗu a ruwa, a sake aunawa bayan minti 15. Wanda na'urarsa ke nuna mmol/L, 70 ɗin nan shi ne 3.9, raba da 18 kawai ake yi.

Ka ba mu misali da mutum, mu ga yadda lissafin yake.

Mu ƙaddara wani ɗan kasuwa mai shekara hamsin da 'yan kai, nauyinsa kilo 60. Shekara biyu ke nan yana shan metfomin miligiram 500 safe da dare. Sugansa na safe yana yawo tsakanin 160 da 180, HbA1c ɗinsa 8.6. Maƙwabcinsa a kasuwa ya ba shi shawara, ya fara shan garin kirfa cokalin shayi ɗaya da safe ɗaya da dare. Bayan mako uku ya ga 150, ya yi hamdala, ya daina shan metfomin na dare, tunda dama shi ne ke sa shi zarya bayan gida.

Mu fara da kirfar. Cokali biyu giram biyar ne, in kasiya ce kimanin miligiram 15 na kumarin ke nan, iyakarsa kuwa 6. Mu kuma yi mata adalci, mu ce ta ba shi duk makin 25 da tacewar 2013 ta nuna. Daga 170 ya dawo 145, har yanzu yana sama da 130, wanda shi ne saman abin da ake so da safe ga yawancin manya. Tazarar da ke tsakanin 8.6 da 7 kuwa ta fi maki ɗaya da rabi, kuma babu tacewar da ta nuna kirfa na iya cike irin wannan rami. Ga shi ya yar da rabin maganin da ke aiki. In ya koma awo bayan wata uku ya ga 9, ba abin mamaki ba ne.

Yanzu mu juya. Da ya je wa likita da takardar awonsa ya ce, "Likita, maganin nan na dare yana ɓata mini ciki," abu na farko da za a tambaye shi shi ne yaushe yake sha. Metfomin a cikin abinci ko da gama ci ake shan sa, da yawa masu kukan ciki a kan yunwa suke haɗiye shi. In hakan bai wadatar ba akwai nau'in da ke narkewa a hankali, wanda ciki ya fi jurewa. Abu na biyu, miligiram 1000 a rana rabin hanya ce kawai. In awon ƙodarsa ya yi kyau, likita na iya ƙara masa 500 duk bayan mako ɗaya ko biyu har ya kai 2000 a rana, kuma a tsakanin 1500 da 2000 ne maganin ke ba da yawancin ƙarfinsa. Abu na uku shi ne abin da ke shiga bakinsa a shago: shayi mai madarar gwangwani da sukari da burodi da safe, lemon kwalba da rana, fura da sukari da la'asar, tuwo malmala biyu da dare. Cire lemon kwalbar nan kaɗai ya cire sukari kusan cokali bakwai zuwa tara a rana. In bayan wata uku har yanzu awon bai sauko ba, lokacin ƙara magani na biyu ya yi, kuma wannan ba gazawarsa ba ce, haka ciwon yake tafiya da shekaru.

Babbar asarar da kirfa ta jawo wa wannan mutum ita ce watannin da ya yi yana jira ta yi aiki, suga na ta cin jijiyoyin idonsa da na ƙafarsa ba tare da ya ji zafin komai ba.

Na ji, amma ina son in gwada da kaina. Yaya zan yi ba tare da na cuci kaina ba?

Gaya wa likitanka ko mai harhaɗa magani tukuna, ka kai masa kwalbar ko garin ya gani. Kada ka taɓa metfomin ɗinka, ko rabin ƙwaya. In kana da ciwon hanta ko na ƙoda, ko kina da juna biyu ko shayarwa, ko kana shan maganin tsinka jini irin wafarin, a bar gwajin nan. In ba ka cikin waɗannan, yi awon HbA1c kafin ka fara, ka tsaya a kan abin da bai wuce rabin cokalin shayi a rana ba, ka gwada abu ɗaya kawai, kada ka canza magani ko cima a lokacin, in ba haka ba ba za ka san wanda ya yi aikin ba. Ka riƙa rubuta awon safe sau biyu ko uku a mako a littafi. Bayan wata uku ka koma ɗakin gwajin da ka yi na farko. In saukar ba ta kai rabin maki ba, ana iya samun irin wannan ɗan motsi ko ba a sha komai ba, sai ka daina, ka riƙe kuɗinka.

Wanda kuma ba shi da halin yin awon sau biyu, to ba shi da hanyar sanin ko kafson na aiki, kuma kuɗin kafson nan da awon aka yi da shi ya fi.

Kwalbar tana da lambar NAFDAC. Ba shi ke nan an tabbatar ba?

Lambar da ake ba kayan ganye da na ƙarin gina jiki ba shaidar cewa suna warkar da ciwo ba ce. Juya kwalbar ka karanta ƙananan rubutun, sau da yawa za ka tarar an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba. Ka fi jin tsoron haɗin da ya yi aiki fiye da kima: a ƙasashe da dama hukumomi sun kama magungunan da ake sayarwa da sunan na ganye zalla, aka tarar an zuba musu gilibenkilamaid ko metfomin a ɓoye. Garin da ya sauke suga daga 250 zuwa 80 cikin kwana biyu, da wuya kirfa ce kaɗai a ciki.

Shin akwai wani ƙarin sinadari da mai shan metfomin yake buƙata da gaske?

Akwai, kuma ba a yi masa talla da lasifika. Bitamin B12 ne. Metfomin yana rage yadda hanji ke tsotsarsa, kuma bayan shekara huɗu ko biyar ana sha wasu sukan samu ƙaranci. Alamominsa su ne kasala, ƙarancin jini, mantuwa, da jin ƙafa ta yi dindiris ko kamar ana tsira allura a tafin ƙafa. Matsalar ita ce ciwon suga da kansa yana kawo irin wannan jin a ƙafa, sai a ɗora masa laifin a wuce, alhali na B12 ana gyara shi da ƙwaya ko allura in an gano da wuri, in kuwa an daɗe jijiyar ba lallai ta dawo daidai ba. Wanda ya daɗe a kan metfomin, musamman mai shan 1500 zuwa sama, ko wanda nama da ƙwai da nono suka yi ƙaranci a cimarsa, ya ce wa likita a ziyara ta gaba, "Don Allah a duba mini B12, a haɗa da awon ƙoda." Awon ƙodar ana son a yi shi aƙalla sau ɗaya a shekara, na B12 kuwa likita zai faɗi tazarar da ta dace bayan ya ga sakamakon farko.